Karin sauti shida na harshen Biyetnam, da inda bakin Bahaushe ke zamewa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan ina karatu a Hanoi. Duk safiyar da na gaida 'yan ajinmu da chào buổi sáng sai in ga suna ƙunshe dariya, kuma an rasa mai gaya mini dalili. A kasuwa na nemi kwakwa aka miƙo mini abarba. An ce matsalar karin sauti ce. Don Allah yaya karin nan shida suke, kuma ta ina zan fara gyara?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riga ka zo da rabin aikin daga gida, domin Hausa ma harshe ne mai karin sauti, sai dai ba ma rubuta shi. Ka faɗi wuya na jiki, sannan ka faɗi wuya ta wahala. Na farko ya fara sama ya sauko, na biyu ya fara ƙasa ya hau. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Kunnen da ya saba rarrabe waɗannan ba baƙo ba ne a wannan fage. Matsalar ita ce Hausa tana da sama, da ƙasa, da faɗau, ita kuwa Biyetnam ta lardin Hanoi tana da shida, kuma ba duka a hawa da sauka suke ba. Biyu daga cikinsu aikin maƙogwaro ne. Yawancin kuskuren da za ka yi daga ɗabi'un bakinka na Hausa zai fito, shi ya sa zan riƙa auna kowane kari da abin da ka riga ka sani.

Malamansu kan fara da gaɓar ma, mu ma mu fara da ita.

Na farko sunansa ngang, ba shi da alama a rubuce. Kalmar ma da wannan kari fatalwa ce. Muryar tana tsayawa a miƙe, sama da tsakiya kaɗan, ba ta hawa ba ta sauka. Ya yi kusa da karin sama na Hausa, kamar gaɓoɓin rana ko ruwa.

Na biyu huyền, alamarsa karan da ya karkata hagu: mà, wato "amma". Yana farawa ƙasa, ya ƙara gangarawa a hankali, da murya mai laushi da ɗan huci, irin ta wanda ya gaji ya sauke ajiyar zuciya. Kada ka haɗa shi da faɗau na Hausa, irin na kai na jiki ko mai na girki. Faɗau daga sama yake faɗowa, kuma a cikin shidan nan babu mai farawa sama ya faɗo. Huyền tun daga tushe a ƙasa yake.

Na uku sắc, karan da ya karkata dama: má, kumatu, a Kudancin Biyetnam kuma uwa. Yana tashi daga tsakiya ya haura sama, muryar a ɗaure.

Na huɗu hỏi, alamarsa 'yar ƙugiya kamar alamar tambaya marar ɗigo: mả, kabari. Yana farawa tsakiya, ya nitsa ƙasa sosai, sannan ya ɗan ɗago.

Na biyar ngã, alamarsa layi mai lanƙwasa a kwance: mã, doki a kalmomin da aka aro daga Sinanci, ko lambar shaida. Yana farawa tsakiya, maƙogwaro ya tsinke muryar a tsakiyar wasalin, sannan ta ci gaba can sama. Ka san hamzar da ke cikin sa'a da jama'a da a'a. Ita ce. Ka ce ma'a da sauri, a ta biyu ta fi ta farko tsayi a murya, ka matse su zuwa gaɓa ɗaya, ka samu mã. Turawa kan sha fama da wannan kari wata da watanni, kai kuwa kayan aikinsa na bakinka tun yarinta.

Na shida nặng, ɗigo a ƙarƙashin wasali: mạ, irin shinkafa da ake cirewa a dasa. Gajere ne, yana faɗawa ƙasa nan take, maƙogwaro ya rufe shi ƙam. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka tsaya. Ka saurari ƙarshen uku: ƙasa yake, gajere, kuma numfashinka ya datse. Wannan ku ɗin kusan nặng ne cif.

Abu ɗaya kafin mu wuce. Alamomin kari biyar ne kacal, waɗanda na ambata. 'Yar hular da ke kan â, ê, ô, da ƙahon da ke jikin ơ, ư, da kwanon da ke kan ă, ba kari ba ne, wasula ne daban. Shi ya sa za ka ga alama biyu a kan harafi ɗaya, kamar ố ko ử: ɗaya ta wasali, ɗaya ta kari. Mua saye ne, mưa ruwan sama, karinsu ɗaya, wasalin ne ya bambanta.

Yanzu ga abin da ke ba 'yan ajinku dariya. Buổi, da hỏi, yanki ne na yini: buổi sáng safiya, buổi tối dare. Kalmar da ke da baƙaƙe da wasula iri ɗaya amma da huyền, wato buồi, sunan al'aurar namiji ne a baki mafi muni, ashar ce tsagwaronta. Ba za su gaya maka ba saboda kunya. Dalilin zamewar kuwa a fili yake: karin biyu duk gangarawa suke yi, kuma mutanen Hanoi idan suna magana da sauri sukan yar da ɗagowar ƙarshen hỏi, sai mai koyo ya ji kamar sauka ce kawai, ya kwaikwaya da karin ƙasa na Hausa. Abin da ya raba su a kunnen ɗan gari shi ne mafari da zurfi da irin muryar. Huyền ƙasa yake farawa, ya gangara sannu kamar tudu mai sauƙi, murya a sake. Hỏi sama da haka yake farawa, ya faɗa da sauri har gindin muryarka, inda takan ɗan yi gurnani. Shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙa cika ɗagowar, ko da za a ji maganarsa kamar ta mai karanta labarai. Ka sauka, ka taɓa ƙasa, ka ɗago, sannan ka ce sáng. Gara a ce kana jan magana da a ce ka yi ashar da sassafe.

Ka kuma sani cewa su kansu ba su cika gaisawa da chào buổi sáng ba. An fi jin ta a rediyo da talabijin da littattafan koyo. Gaisuwar yau da kullum ita ce chào a haɗa da sunan dangantaka: chào anh ga namijin da ya ɗan girme ka, chào chị ga macen da ta ɗan girme ka, chào cô ga malama, chào thầy ga malami. Sai dai a nan ma akwai rami. Tsoho tukuf, sa'an kakan uba, cụ ake ce masa, da nặng. Ka miƙe muryar ka ce cu, ka kira shi ɗan yaro, da kalmar da kuma ake kiran gaban ƙaramin yaro da ita. Ka hau da ita ka ce cú, ka kira shi mujiya.

Mu koma kasuwa. Dừa da huyền kwakwa ce, dứa da sắc abarba, dưa da ngang dangin kankana da kokwamba. Mai neman kwakwa da aka ba abarba ya ɗaga muryarsa a ƙarshen magana, kuma na san abin da ya sa. A Hausa idan muna tambaya ko roƙo mukan ɗaga ƙarshen jimla: "Akwai kwakwa?" Wannan ɗagawar a wurinmu tambaya ce, a wurinsu sabuwar kalma ce. Harshen Biyetnam da kalmomi yake tambaya, irin su không, chưa, à, kuma kowace gaɓa tana riƙe da karinta har ƙarshe. Ga jimlar da za ka faɗa wa mai sayarwa a Hanoi:

Chị ơi, cho em một quả dừa.

Ma'anarta "Yaya, ba ni kwakwa ɗaya." Gaɓa bakwai ne. Chị nặng ne: ƙasa, gajere, a datse. Ơi, cho, em duk ngang ne, su uku a kan layi ɗaya, kamar igiyar shanya da aka ɗaure tam. Một nặng ne kuma, ka sauka, harshe ya manne a bayan haƙora kada ka sake shi, kada ka ce motu. Quả hỏi ne, nitso da ɗagowa. Dừa a fara shi ƙasa a ƙare shi ƙasa, kuma d ɗin nan a Hanoi z ake furta shi, a Saigon ta Kudu y. Wurare biyu ne ke lalacewa. Na farko cho: idan ya hau ya zama chó, kare, ga shi kuma ya zo dab da kiran da ka yi wa matar. Na biyu dừa, da ɗagowar quả kan ja shi sama. Bayan quả ka ɗan tsaya, kamar ƙiftawar ido, ka maido da muryar ƙasa, sannan ka saki kalmar ƙarshe.

Ɗabi'ar tambayar nan tana da wata ɓarnar a kalmar chưa, "tukuna". Ana yawan tambaya Ăn cơm chưa?, wato "an ci abinci?", amsar kuma chưa ce idan ba a ci ba. Mai jinkiri a amsa yakan sauke murya ya ɗago, yadda muke yi da "to..." idan muna tunani. Wannan ya mai da kalmar chửa, wato ɗaukar ciki, kuma a kalmar da aka fi yi wa dabba ko ake faɗa a gatse. Ɗaliba ta so ta ce "ban ci ba tukuna" sai ta ce tana da ciki. Haka ngủ, barci, idan aka miƙe shi ya zama ngu, daƙiƙi. Chúc ngủ ngon fatan barci mai daɗi ne, kuma ƙugiyar nan ce kaɗai ta raba shi da zagi.

Babbar matsalar Bahaushe, a ganina, sắc ce. Hausa ba ta da kari mai hawa a cikin gaɓa ɗaya. Inda ƙasa da sama suka haɗu a gaɓa guda, harshenmu yakan mai da su sama kawai. Don haka bakinka zai so ya furta sắc a matsayin sama miƙaƙƙe, wanda su kuma ngang suke ji. Ka ga bố, uba a Arewacin Biyetnam. Ka ce Đây là bố tôi, "wannan mahaifina ne". Idan bố bai hau ba ya zama bô, fo ɗin da yara ke zama a kai. Idan kuma ya bi là ya zauna ƙasa, ya zama bồ, saurayi ko budurwa, har ma da ta bayan fage. Maganinsa shi ne ka fara gaɓar ƙasa da inda kake zato. Wanda ya fara a ƙololuwar muryarsa ba shi da inda zai hau. Ka ɗauki kalmar Hausa mai ƙasa sannan sama, kamar wuya ta wahala, ka yi ta a hanci ba tare da buɗe baki ba, ka haɗe gaɓoɓin biyu su zama ja ɗaya. Wannan jan shi ne sắc. Ka gwada shi da cười, dariya, da cưới, aure, da cưỡi, hawan dabba: ƙasa, hawa, sai hawa mai tsinkewa. Ka gwada da muối, gishiri, da muỗi, sauro, waɗanda duk sama suke ƙarewa, hamza ce kaɗai tsakaninsu.

Hamzar da ta taimake ka a ngã da nặng ita ce kuma za ta cuce ka a sauran. A Hausa, kalmar da ta ƙare da gajeren wasali, idan aka tsaya a kanta, maƙogwaro kan rufe da kansa ba ka sani ba. A Biyetnam gaɓar da ta ƙare da wasali doguwa ce, kuma rufe maƙogwaro alama ce ta kari. Ba, uku, sai ka ja shi, baa, ka bar shi ya mutu a buɗe. Đi, tafiya, kalma ce da za ka faɗa sau hamsin a yini, ita ma a ja ta a miƙe. Idan ta tsinke a tsakiya ta hau, ta zama đĩ, karuwa. Đủ, "ya isa", wadda za ka buƙata duk lokacin da ake zuba maka abinci, idan ka gajarta ta ka datse a ƙasa ta koma nặng, kuma wannan ashar ce babba, musamman a Kudu. Ka sa tafin hannu a gaban bakinka ka ce đủ rồi: idan iska ta yanke kwatsam bayan đủ, ka datse. A gefe guda kuma ka yi sa'a, domin đ da b nasu sun yi kusa da ɗ da ɓ namu ƙwarai, ka furta su haka.

Akwai kuma gangarar jimla. A Hausa duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan fi na gabansa sauka, har jimla doguwa ta ƙare can ƙasa. Ka ɗauko wannan zuwa Biyetnam, ngang ɗin da ke ƙarshen jimla zai zauna a mazaunin huyền. Ba, uku, ya koma bà, kaka. Mua, saye, ya koma mùa, lokacin shekara. Tôi, ni, ya koma tồi, marar kyau. Ka riƙa gajarta jimlolinka a farko, gaɓa biyar zuwa bakwai, kana maido da muryar mazauninta bayan kowane huyền.

Ga wani sauƙi da ba kowa ke lura da shi ba. Gaɓar da ta ƙare da p, t, c ko ch kari biyu kawai take ɗauka, sắc ko nặng. Zaɓi biyu ne, sama ko ƙasa: mắt ido, mặt fuska, hát waƙa, hạt ƙwaya, mất ɓata ko rasuwa, mật zuma ko matsarmama. A nan sắc gajere ne, sama sosai, kamar tak a "ɗaya tak" ko fat a "fari fat". Wannan ƙa'ida tana da tushe a tarihi. André-Georges Haudricourt ya nuna a 1954 cewa karin Biyetnam sun samo asali ne daga baƙaƙen da suka ɓace: tsohuwar hamza ta ƙarshen gaɓa ta haifi sắc da nặng, tsohon h na ƙarshe ya haifi hỏi da ngã, sannan irin baƙin farkon gaɓa ya raba kowane rukuni gida biyu, na sama da na ƙasa. Amfanin wannan gare ka yana cikin kalmomi masu tagwayen gaɓoɓi, inda ngang da sắc da hỏi kan tafi tare, huyền da nặng da ngã su ma tare. Hutu nghỉ ngơi ne, zurfin tunani nghĩ ngợi. Idan ka manta ko ƙugiya ce ko lanƙwasa a kan wata gaɓa, ka dubi abokiyar tafiyarta: mát mẻ, sanyi mai daɗi, hỏi saboda sắc, sạch sẽ, tsaf-tsaf, ngã saboda nặng.

Duk abin da na faɗa na Hanoi ne, inda kake. A Saigon hỏi da ngã sun haɗe sun zama kari ɗaya mai nitso da hawa ba tsinkewa, don haka biyar suke furtawa ko da yake shida suke rubutawa, kuma sửa, gyara, da sữa, madara, sauti ɗaya ne a bakinsu. Nặng ɗinsu ma bai da datsewa mai ƙarfi. Na tsakiyar ƙasar, wajen Huế da Nghệ An, tsarinsu daban ne kuma. Ka tsaya a kan na Hanoi, ka duba cewa duk muryar da kake kwaikwayo ta ɗan Arewacin Biyetnam ce. Mai haɗa lafazi biyu yakan ƙare da hỏi na Kudu da nặng na Arewa, ya rikita kunnensa.

Wajen aiki, ka fara da yatsunka. Ka sa tsarin rubutun Telex a wayarka, inda harafin da ka buga bayan gaɓa shi ne karinta:

```
ma   → ma
maf  → mà
mas  → má
mar  → mả
max  → mã
maj  → mạ
```

Kada ka rubuta sabuwar kalma ba tare da karinta ba, ko a littafinka na kanka. Wanda ya haddace ban sannan yake ƙoƙarin tuna alamar daga baya bai haddace komai ba, domin bán sayarwa ne, bạn aboki, bàn tebur. Tôi có bạn ina da aboki ne, Tôi có bàn ina da tebur.

Sannan kunne kafin baki. Ka samu ɗan ajinku guda, ɗan Hanoi, ka rubuta tagwayen kalmomi goma, ya riƙa faɗin ɗaya daga kowane biyu ba tare da ka ga bakinsa ba, kai kana nuna wadda ka ji. Sai kun kai tara cikin goma kwana uku a jere sannan ku juya: kai ka faɗa, shi ya rubuta abin da ya ji, kada ya yi maka kara. Wannan juyin shi ne gwaji na gaskiya, domin a hira mutane kan cike maka gurbi da ma'anar zance, ka zaci ka faɗa daidai. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Ka bi tagwayen da wannan jeri, daga wanda ya fi damun Bahaushe: ngang da sắc (cho da chó, mua da múa), sai huyền da hỏi (mà da mả, cà da cả), sai hỏi da nặng (vở littafin rubutu da vợ matar aure, chỉ zare da chị yaya), sai sắc da ngã (muối da muỗi). Kada ka tsaya a kalma tilo fiye da mako ɗaya. Ka sa kowace a tsakiyar jimla, Tôi nói chữ bố hai lần, "na faɗi kalmar bố sau biyu", ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara washegari lokacin da ka manta abin da ka yi niyyar faɗa. Duk inda kai kanka ka kasa gane ko bố ka ce ko bô, ka mai da wannan kalmar cikin jerin goman da za ka kai wa abokinka.